Wai an gano maganin kansa? Yadda ƙari ke ɓuyar wa garkuwar jiki, da allurar da ke cire wa sojojin T birki

Saƙon nan ya sake zagayowa. Duk bayan 'yan watanni sai ka gan shi a guruf-guruf na WhatsApp, wai an gwada wani magani a Amurka kuma duk wanda aka ba ya warke daga ciwon daji, ɗari bisa ɗari, a tura wa 'yan uwa. Wannan karon kawuna ne ya turo min, bai ma jira na buɗe ba sai ga kira, "Kai ɗan nan, tunda aikin lab kake yi duba min maganar nan, gaskiya ce ko irin ta 'yan waya ce?" Dalilinsa mai ƙarfi ne, amininsa ne ya yi kusan shekara ana masa maganin basir, jini na zuba ana ta jiƙe-jiƙe, sai daga baya aka saka kyamara aka ga ƙari ne a ƙarshen hanji kusa da dubura.

Na ce masa Kawu labarin gaskiya ne, amma an yanke masa kai da ƙafa. A watan Yuni na 2022 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York, Andrea Cercek da Luis Diaz da abokan aikinsu, sun fitar da rahoton mutum 12 masu kansar dubura da aka yi wa ƙarin ruwan wani magani mai suna dostarlimab duk bayan sati 3 har wata 6, kuma dukkansu 12 ɗin aka nemi ƙarin aka rasa, ba tiyata, ba kemo, ba gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura. Daga baya adadin ya haura mutum 40 kuma sakamakon bai canza ba. Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne tsinto mutanen aka yi, dukkansu ƙarinsu na da wata alama guda wadda a can ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu wannan kansar ba. To me ya sa su ya yi musu aiki haka, sauran kuma ko gezau? Amsar tana cikin yadda ƙari ke zille wa garkuwar jiki tun farko.

Yadda sojan T ke gane gidan da ya lalace

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, sel-sel, kowace tana aikinta tana ƙera furotin kala-kala a cikinta. Matsalar garkuwar jiki ita ce ba ta iya leƙa cikin sel ta ga me ake dafawa. Sai aka yi wani tsari mai ban sha'awa, kusan kowace sel a jiki dole ta riƙa gutsuro ɗan samfur daga duk furotin da take yi, guntu ƙarami mai ɗigo 8 zuwa 10, ta ɗora a kan wani faranti a bakin ƙofarta kamar yadda mai talla ke jera kayanta a tire. Sunan farantin nan MHC. Ba wai sau ɗaya ba, kullum cikin sauya kayan farantin ake.

Masu duba farantin su ne sojojin T. A ɓargo ake haifarsu, sai su tafi makaranta a wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, daga nan harafin T ɗin ya fito. Makarantar ba sauƙi, duk sojan da aka ga yana zabura in ya ga kayan jikinsa na halak a nan ake kashe shi, sama da 90 cikin 100 ba sa fitowa da rai. Waɗanda suka tsira kowanne yana da abu guda da ya iya ganewa, baƙon guntu guda ɗaya tak. In sel ta kamu da bairos, guntun bairos zai hau faranti. In kuma sel ta fara zama kansa, wato rubutun DNA ɗinta ya samu kurakurai, to furotin da take yi zai fito a karkace, guntunsa ya hau faranti, sojan da ya dace da shi ya zo wucewa ya gani. Sai ya manne da ita, ya huda mata fata da wani sinadari farforin, ya zuba wani mai suna giranzayim ta hudar, sel ɗin ta kashe kanta daga ciki, shi kuma ya wuce ta gaba.

Kar ku ce tatsuniya ce ta cikin littafi. Duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu kafin maganin ƙanjamau ya wadata ya san kansar Kaposi, tabon nan mai duhu da ke fesowa a ƙafa da cikin baki, wadda ke bayyana in sojojin T sun ƙare. Akwai ma wani labari da likitoci a Scotland suka rubuta a 2003, wata mata an cire mata kansar fata, melanoma, ta yi shekara 16 lafiyarta ƙalau, ta rasu da wani dalili daban aka dasa ƙodojinta ga mutum biyu. Wanda aka dasa wa ƙoda dole a danne masa garkuwa don kar jiki ya ƙi ta. Ai kuwa sai melanoma ta tashi a jikinsu. Ma'ana shekara 16 ƙwayoyin kansar na nan a laɓe a cikin ƙodar, garkuwar matar ta tsare su ba ta bari sun motsa ba, ba ta kuma iya ƙarasa su ba.

To me ya kawo birki a jikin soja?

Soja mai irin wannan makami in ba linzami shi zai fara cinye mai gidan. Don haka sojan T yana da birki fiye da ɗaya, biyu ne suka shafe mu.

Na farko CTLA-4, shi a bariki yake aiki, wato cikin kaluluwa, 'yan ƙulluttan nan na hammata da wuya da matsematsi da ke kumbura in mutum ya ji ciwo. A can ake tayar da soja. Wata sel mai kai rahoto takan ɗauko guntun abin da ta tsinto ta kawo masa, amma ganin guntun kaɗai bai isa ba, sai an ba shi izini na biyu, wani maɓalli nasa CD28 ya haɗu da B7 na mai rahoton. Da zarar ya tashi ya fara hayayyafa sai ya fito da CTLA-4, wanda shi ma B7 ɗin yake kamawa kuma ya fi CD28 riƙo, sai ya ƙwace wurin, wutar ta lafa. A 1995 an ƙirƙiri ɓerayen da ba su da CTLA-4 kwata-kwata, ba sa wuce sati 3 zuwa 4 a duniya, sojojinsu ke mamaye zuciya da sauran kayan ciki su kashe su.

Na biyu PD-1, wanda Tasuku Honjo ya gano a Jami'ar Kyoto a 1992. Shi a fagen daga yake aiki. Sojan da ya daɗe yana faɗa yakan fito da PD-1 a fatarsa, sel-sel na gari kuma suna da abokin haɗinsa PD-L1, in suka taɓa juna saƙo ya shiga cikin sojan cewa ya isa haka, sassauta. Amfaninsa a fili yake, in ana yaƙi da bairos a huhu ba a so a ƙone huhun gaba ɗaya.

Waɗannan birkunan ne Turawa suka sa wa sunan shingen bincike, irin na kan hanya, magungunan kuma masu toshe shingen. Ni dai birki ya fi kwanta min, don abin a jikin sojan yake.

Dabarun ƙari

Abu na farko da ya kamata a gane, ƙari ba wayo gare shi ba, yawa gare shi. Sel miliyoyi ne kowacce da ɗan bambancinta. Sojoji su kashe waɗanda suka fi fitowa fili, waɗanda suka dace da wata hanyar ɓuya su tsira su hayayyafa, a shekara biyar ko goma sai ka tarar duk ƙarin jikokin masu ɓuya ne. Kamar manomin da ke fesa magani iri ɗaya duk damina, ƙarshe ƙwarin da suka rage su ne waɗanda maganin ba ya ci. Robert Schreiber da abokansa suka tsara wannan bayani mataki uku a farkon shekarun 2000, kashewa, sai zaman doya da manja irin na matar ƙodar nan, sai kuɓucewa. Duk ƙarin da ya girma har likita ya taɓa shi da hannu ya riga ya kai mataki na uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce janye farantin. Faranti MHC yana da wata 'yar ƙafa da ake kira B2M, in ƙwayar gadon da ke yin ta ta lalace farantin ba ya iya fitowa ƙofa sam, soja ya zo ya wuce bai ga komai ba. Akwai wasu dakaru daban, sel NK, da aikinsu shi ne kashe duk wadda ba ta da faranti, shi ya sa ƙari da yawa ba sa janyewa duka, ragewa suke yi, ko su daina yin ainihin furotin da ke tona musu asiri.

Hanya ta biyu ita ce taka wa soja birkinsa, kuma nan ne abin haushin yake. Sojan T in yana faɗa yakan saki wani sinadari, intaferon gamma, don kiran taimako da tilasta wa sel-sel su ƙara fito da faranti. To wannan sinadarin dai shi ne kuma ke sa sel ta fito da PD-L1. Kenan harin da kansa ke kunna garkuwar ƙarin. In ka duba irin wannan nama a madubin lab za ka ga abin da idonka, sojoji sun yi dafifi a gefen ƙarin, sel-sel na bakin iyakar kuma sun yi zobe ruwan ƙasa da PD-L1 daidai inda sojojin suke, can tsakiya inda soja bai kai ba babu komai. Sojan da ya yi watanni yana ganin abokin gaba ana taka masa birki sai ya gaji, ya rage kisa, ya rage haihuwa, ya ƙara fito da wasu birkunan. Yana nan a wurin, ya san abokin gabansa, amma hannunsa ya mutu.

Hanya ta uku ita ce hana shiga unguwar ma gaba ɗaya. Wasu ƙarin sukan kewaye kansu da nama mai tauri kamar tabo, su saki TGF-beta mai kashe wa soja jiki, su janyo wasu sojojin T masu sulhu da ake kira Treg waɗanda aikinsu dama kwantar da tarzoma ne, su shanye sukarin wurin su bar tsami. Kansar fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, gwana ce a nan, haka mafi yawan kansar furostet ta maza. Likitoci kan ce irin wannan ƙari mai sanyi ne, wanda sojoji suka cika kuma mai zafi.

Ku riƙe bambancin hanyoyin nan uku, don maganin da ake magana ta biyun kawai yake warwarewa sosai.

Abin da allurar ke yi

A 1996 James Allison, lokacin yana Berkeley a California, ya nuna cewa in ka ba ɓera mai ƙari wani antibodi, wato furotin mai kama abu guda, da ke toshe CTLA-4, ƙarin na narkewa. A lokacin kowa ƙoƙarin ƙara wa garkuwa mai yake yi, shi kuma ya ce a ɗaga ƙafa daga birki. Sai 2011 maganin farko, ipilimumab mai toshe CTLA-4, ya samu izini a Amurka don melanoma, a 2014 masu toshe PD-1 suka biyo, pembrolizumab da nivolumab. A 2018 aka ba Allison da Honjo kyautar Nobel tare.

Maganin shi kansa ba ya kashe ko sel ɗaya ta kansa. Antibodi ne, furotin da aka ƙera ya je ya zauna daram a kan PD-1 kamar murfi, PD-L1 na ƙarin ya miƙo hannu ya rasa inda zai kama. Saƙon "sassauta" ya daina shiga. Sojojin da ba su gama gajiya ba sai su farfaɗo su hayayyafa, wasu sababbi su taso daga kaluluwa, a koma bakin aiki. Pembrolizumab misali miligiram 200 ne duk sati 3, ƙarin ruwa na kamar minti 30, galibi har zuwa shekara 2.

Nan ne nake samun saɓani da masu tallan kayan "ƙara garkuwar jiki" da ke bin masu kansa har gadon asibiti. Mai melanoma da ta bazu yawanci garkuwarsa na yaƙar mura da maleriya lafiya lau, sojojinsa ba yunwa suke ji ba, taka musu birki aka yi a wuri guda. Zogale abinci ne mai kyau, a ci, amma ba ya zama a kan PD-1.

In abin ya yi aiki yakan daɗe, don sojan T ba ya mantuwa. Kafin zuwan waɗannan magunguna mai melanoma da ta bazu galibi ba ya cika shekara. A babban gwajin CheckMate 067, bayan shekara 10 kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka wanda mutanenmu suka sani ta yaƙi da kurkunu tare da Janar Gowon, a Agustan 2015 yana ɗan shekara 90 ya sanar melanoma ta kai masa hanta da wuri 4 a ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata da gashi aka ɗora shi kan pembrolizumab, a Disamba hoto ya nuna babu komai, bai rasu ba sai ƙarshen 2024 yana da shekara 100. Amma ku sake kallon 43 ɗin nan, fiye da rabi ba su kai ba, kuma melanoma tana cikin kansar da ta fi jin maganin.

Akwai kuma waɗanda ya yi wa aiki sannan ƙarin ya dawo. A 2016 masu bincike a Los Angeles sun gwada naman irin waɗannan mutane kafin da bayan, suka tarar a wani B2M ta lalace, farantin ya ɓace, a wasu kuma JAK1 ko JAK2 ne suka mutu, wato wayar da ke kai saƙon intaferon cikin sel ta tsinke, ƙarin ya zama kurma. Ka cire birki yadda kake so, sojan da ba ya gani ba zai harba ba.

Me ya sa 12 cikin 12

Yanzu mu koma kan mutanen New York, dostarlimab ɗin da aka ba su shi ma mai toshe PD-1 ne. Duk lokacin da sel za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun DNA mai harafi kusan biliyan 3, kuma mai kwafa yakan yi tuntuɓe, musamman inda harafi ɗaya ya maimaitu da yawa a jere, ya tsallake ɗaya ko ya ƙara. Akwai ma'aikata huɗu masu bin baya suna gyara, MLH1, PMS2, MSH2, MSH6, bibbiyu suke aiki. In aka rasa su, ko ta gado kamar a cutar Lynch da ke bin dangi ko kuma a cikin ƙarin kawai, sai kurakurai su taru ba mai sharewa. Wannan shi ne ake rubutawa dMMR ko MSI-H a takardar sakamako.

Kuma irin kuskuren ne mai muni. Sel tana karanta rubutun ne harafi uku-uku. Ɗauki wannan: ALI YAI ADO DON IDI. Cire L ɗin nan guda ɗaya ka sake rabawa uku-uku: AIY AIA DOD ONI DI. Harafi ɗaya ya faɗi amma duk abin da ya biyo baya ya zama shirme. Furotin da za a ƙera daga wannan shirmen jiki bai taɓa ganin irinsa ba, ba a nuna wa kowane soja shi a taimus ba, don haka in guntunsa ya hau faranti kamar bairos yake a idon sojoji.

A 2015 Dung Le da shi Luis Diaz ɗin, lokacin suna Johns Hopkins, suka ƙirga. Ƙari mai dMMR yana ɗauke da kurakurai kusan 1,800 a matsakaici, wanda gyaransa ke aiki kuwa wajen 70. Suka ba duka ɓangarorin pembrolizumab. Cikin masu kansar hanji mai dMMR 4 cikin 10 ƙarinsu ya ja baya, cikin 18 marasa shi ko ɗaya. Magani ɗaya, gaɓa ɗaya, a ido ƙari iri ɗaya. Mai kurakurai 1,800 farantinsa cike yake da baƙin kaya, sojoji sun daɗe da gano shi sun kewaye shi, PD-L1 ne kawai ya riƙe su, shi ya sa da aka ɗaga birkin abin ya zo kamar ɓallewar dam. Mai 70 kuwa ba wanda ya zo ƙofarsa balle a ce an tare shi. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin amfani da pembrolizumab ga duk ƙari mai wannan alama ko a wace gaɓa yake, karo na farko kenan da aka yi haka. Mutanen 2022 kuma sun ƙara da wata sa'a, nasu bai bazu zuwa nesa ba kuma ba a taɓa dukan garkuwarsu da kemo ba.

Abin da jiki ke biya

Mutane na jin ba kemo ba ne sai su ɗauka ruwan sanyi ne. Gaskiya gashin kai ba ya zubewa kuma da yawa suna zuwa aikinsu, amma ku tuna ɓerayen nan. Birkin da aka cire ba na sojojin ƙari kaɗai ba ne, na duk jiki ne. Sojoji kan juya kan hanji su kawo gudawa, kan fata, kan hanta, kan huhu, kan tayirod na maƙogwaro, jefi-jefi kan fankiriyas mutum ya wayi gari da ciwon suga mai buƙatar insulin har abada, ko kan tsokar zuciya, wanda ba kasafai ba ne amma yana kisa da sauri. Da mai toshe PD-1 shi kaɗai, kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 10 ke samun matsala mai tsanani, in an haɗa biyu kuwa fiye da rabi.

Wanda ya fi ba ni tsoro a wurinmu shi ne gudawar. Mutum ya karɓo allurarsa a Indiya ko Masar ya dawo gida, bayan sati 6 ciki ya ɓaci yana zagawa sau 7 a rana har da jini, kowa zai ce taifod ne ko atini, a je kemis a sayo filajil. Alhali sojojinsa ne ke cin bangon hanjinsa, in aka yi sake hanjin na iya hujewa. Maganinsa akasin abin da hankali zai ba ka ne, a dakatar da allurar a danne garkuwar da sitiroyid, firednisolon miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo na nauyinsa, a riƙa ragewa a hankali cikin sati 4 zuwa 6, bayan likita ya tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce. Haka sabon tari da haki, kar a tsaya kan tibi ko nimoniya kawai. Kuma abin na iya tasowa watanni bayan an daina karɓa, don haka duk likitan da aka je wa, ko na ciwon kai ne, a faɗa masa sunan maganin. Kasala mai nauyi da jiri ma ba a raina su, wani lokaci gaɓar da ke ba jiki sinadarin kotisol ne ya tsaya.

Wani abin mamaki, a ƙasa da 1 cikin 10 hoton farko kan nuna ƙarin ya ƙara girma alhali sojoji ne suka cika shi ya kumbura, daga baya ya sauka. Amma mafi yawan lokaci girma girma ne, shi ya sa likita ke duba yanayin mutum ya maimaita hoto bayan 'yan makonni.

Mu nan fa?

Kuɗin dai ba a magana, a Amurka allura ɗaya ta haura dala 10,000, ka lissafa duk sati 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin waɗannan magunguna cikin jerin muhimmai tun 2019 don melanoma, amma shiga jeri daban, isowa kantin asibiti daban. Sannan maganin furotin ne, dole ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har jijiya, wanda ya kwana a jakar matafiyi ko a firjin da wuta ke ɗaukewa ba wanda zai iya rantse maka a kansa. Duk wanda ya ce zai samo maka a bayan fage da araha, ka ji tsoronsa.

Labarin Carter ma a yi hattara da shi. Melanomar farar fata rana ce ke jawo ta, hasken rana kuma kurakurai dubbai yake zubawa a DNA, shi ya sa take da zafi. Tamu ta baƙar fata galibi a tafin ƙafa take fitowa ko ƙarƙashin farce inda rana ba ta kaiwa, kurakuranta kaɗan ne, kuma ba ta jin maganin kamar waccan.

Amma a kansar hanji akwai abin da ya sa ban ce wa Kawu ya share saƙon ba. Wani bincike da likitocin Ile-Ife suka yi tare da shi wannan asibitin na New York, aka buga a 2021, ya samu MSI-H a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin hanjin 'yan Najeriya da aka gwada, kusan ninki biyu na abin da suka gani a marasa lafiyarsu na can. Don haka tambayar ta cancanci a yi ta, kuma gwajin bai kai ko kusa da kuɗin allura ɗaya ba.

Na ce a karɓo bulok ɗin bayofsinsa na farko, wato ɗan naman da aka gutsuro aka daskarar cikin kaki, bai kai akwatin ashana ba. Na kafin a fara gashi ake so. A lab ana yanka shi siriri a ɗora kan gilashi huɗu, kowanne a zuba masa rinin da ke kama ɗaya daga ma'aikatan gyaran nan. Inda ma'aikacin yake, tsakiyar sel takan rine ruwan ƙasa. In tsakiyar sel-sel na ƙarin ta fito shuɗiya fayau alhali na lafiyayyun da ke gefensu ta yi ruwan ƙasa, to an rasa shi, dMMR kenan, kuma yawanci bibbiyu suke ɓacewa, MLH1 da PMS2 ko MSH2 da MSH6. In kuwa duka gilashin ya fito fari har da lafiyayyun, wannan ba sakamako ba ne, naman ne ya lalace, ko an bar shi a tire ya daɗe kafin a jefa a fomalin, ruwan da ke adana nama, ko an tsinka fomalin ɗin da ruwa. Na sha ganin haka, kuma mai gaggawa zai iya karanta shi a matsayin dMMR ya sa iyali su sayar da gona a banza.

Bayan kamar sati 2 sakamakon ya fito. Gilashi huɗun duk sun rine ruwan ƙasa, a ƙarin da gefensa, ma'aikatan gyaransa na nan daram. Na kira Kawu na ce masa allurar cikin saƙon ba ta amininsa ba ce, ko da kuɗin na ajiye a ƙarƙashin katifa. Ya yi shiru, can ya ce "To yanzu sai me?" Na ce sai abin da likitansa ya tsara tun farko, gashi da kemo sannan tiyata, kuma tunda hoto bai nuna ya taɓa hanta ko huhu ba wannan hanyar ana warkewa da ita, a daina ɗaga ranar. Ya ce Litinin zai kai shi da kansa.